Taken Shiri da Kunnen Mai Kallo

A Birnin Konni, Malbaza da Illela, wanda ya manta sunan wani wasan kwaikwayo yakan rera takensa da hanci, abokansa kuma su faɗi sunan nan take. Kunnen mutanen wannan yanki ya daɗe da sanin wannan aiki. A filin kokowa, makaɗi kan buga taken ɗan kokowa, jama'a su san wanda zai fito kafin su ga fuskarsa. A Tahoua aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975. Talabijin ta tarar da al'adar, ta hau kanta.

Idan mutum ya rera take da hanci, kalmomi sun faɗi, amon kayan kiɗa ya faɗi, sau da yawa ma ya ɗauko muryar sama ko ƙasa da inda mawaƙin ya ɗauko ta. Abu biyu ne ke saura: hawa da saukar murya, da tsawon kowane sauti. Bahaushe ya ƙware a na farkon, domin da shi yake fahimtar zancen kalangu.

A 1975 wani Baturen Ingila, Denys Parsons, ya wallafa kundin gano kiɗa ta wannan hanya. Ana sa tauraro a sautin farko, sannan U idan murya ta hau, D idan ta sauka, R idan ta maimaita. A ce yarinya ta rera sauti biyar: ta hau sau biyu, ta maimaita, ta sauka. Za a rubuta `*UURD`. Sauti biyar siffa 81 kawai ke iya bayarwa, don haka waƙoƙi da dama za su faɗa siffa guda. Idan ta kai sauti takwas, siffofin sun zama 2,187, ruɗani ya ragu ƙwarai. Shi ya sa mai saurare kan ce, "Ƙaro kaɗan, ƙanwata."

Sauran aikin na mabuɗin shiri ne. Dadin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ya shafe shekaru yana zuwa gidaje, kuma a farkon kowane kashi take na tafiya tare da sunan shirin da fuskokin 'yan wasa. Maimaicin ne ke ɗaure sauti da suna.

Matsala na tasowa a wuri biyu. Shiri irin Labarina, wanda Aminu Saira ya fara a 2020, yana da waƙoƙi a cikinsa, har da na Naziru Sarkin Waƙa, sai mai rerawa ya ɗauko waƙar ciki, masu saurare su ambaci mawaƙin maimakon shirin. Na biyu, wanda aka tura wa shiri a waya yakan tsallake mabuɗin. Alamarsa ita ce ya san labarin sarai, amma a rera masa taken ya yi shiru. Saboda haka ina ganin ya kamata masu shirya wasanni su gajarta take, su sa jimlarsa mafi ƙarfi a daƙiƙun farko, kuma su daina sauya shi kowane zango.