Kyautar da ta fi dacewa da ɗan shekara 8 mai son zane

A 'yan shekarun nan, idan aka lura yaro yana son zane, abin da iyaye da dangi suka fi saya masa shi ne akwatin roba mai buɗewa gida biyu, wanda aka jera masa alƙaluman launi da fensira da 'yan dunƙulen fenti fiye da ɗari, sannan a haɗa masa da littafin shafa launi, wato littafin da aka riga aka buga hotuna a cikinsa, aikin yaro kawai ya cike su da launi. Kyauta ce mai ɗaukar ido ranar da aka miƙa ta, amma ba ta cika ƙara wa yaro ƙwarewa ba. Abin da ya fi ta amfani, kuma sau da yawa ya fi ta araha, shi ne rim ɗaya na farar takarda da fensira uku masu kyau, tare da babba guda da zai riƙa zama da yaron lokaci zuwa lokaci.

Dalilin haka yana tattare da shekarun yaron. Masanin nan ɗan ƙasar Faransa, Georges-Henri Luquet, ya bayyana a littafinsa na 1927 cewa ƙananan yara suna zana abin da suka sani game da abu ne, ba abin da idonsu yake gani ba, kuma sai daga baya suke karkata zuwa zana abu yadda ya bayyana a gabansu. A 1972 wasu masu bincike biyu, Freeman da Janikoun, suka gwada wannan da kofi mai mariƙi, inda suka juya mariƙin baya yadda ba a ganinsa, suka ce yara su zana. Ƙananan sun riƙa saka mariƙin duk da cewa a ɓoye yake, saboda a saninsu kofi yana da mariƙi, manyan kuwa suka bar shi, kuma sauyin ya faɗo ne wajen shekara 7 zuwa 8. Ke nan ɗan shekara 8 yana daidai lokacin da idonsa ya fara gardama da abin da ya haddace, kuma abin da yake bukata shi ne ya yawaita kallo da gwadawa. Littafin shafa launi ya riga ya yi masa wannan aikin, tunda wani ne ya kalli abin, ya auna, ya ja layin. Ba laifi ba ne a matsayin abin ɗebe kewa, amma ba ya koyar da zane.

Takardar da ake nufi ita ce wadda ake buga takardu da ita a ofis, mai girman A4, wadda rim ɗinta yake ɗauke da falle 500, nauyinta kuma galibi giram 80 ne a kowace murabba'in mita. Fa'idarta ita ce yawanta, domin yaron da aka ba littafin zane mai tsada yakan ji tsoron ɓata shafi, ya yi ta gogewa har takardar ta huje, alhali wanda ya san akwai ɗaruruwa a ajiye zai ture wanda bai yi ba ya ɗauki sabo. Iyakarta ita ce ba ta ɗaukar ruwa, da an shafa mata fentin ruwa sai ta tattare, saboda haka ta fensir ce kawai.

Fensiran kuwa, haruffan da ke jikinsu suna da ma'ana. Abin da ke cikin fensir haɗi ne na yumɓu da wani baƙin ma'adini mai santsi da ake kira girafait, dabarar da Nicolas-Jacques Conté ya fito da ita a Faransa a 1795. Idan yumɓun ya yi yawa, fensirin yakan yi tauri, layinsa ya fito fari-fari, shi ne ake sa wa harafin H, idan kuma ma'adinin ne ya rinjaya, yakan yi laushi da baƙi, shi ne mai harafin B, kuma gwargwadon girman lambar da ke tare da harafin, gwargwadon ƙarfin wannan halin. HB na shimfiɗa siffa, 2B na ƙarfafa layi, da 6B na inuwa mai duhu sun ishi yaro na tsawon lokaci. Ana gane fensiri mai kyau tun a shago: a duba gindinsa a ga ko baƙin yana tsakiyar itacen, domin wanda ya karkace gefe yakan yi ta karyewa wajen fiƙewa, sannan a ja layi a ji ko yana tafiya sumul ba tare da ƙarzar takarda ba. Matsalar fensiran da ke cikin yawancin manyan akwatunan nan masu araha ke nan, launinsu ba ya kamawa sai an danna, yaron da ya saba dannawa kuwa hannunsa yakan sandare, ya kasa jan layi mara nauyi. Sai a ƙara abin fiƙewa da magogi fari mai laushi.

Sauran rabin kyautar ba a sayensa. A ɗauki kofin shayi na gida a ajiye shi a kan teburi kusa da taga, yadda haske zai zo ta gefe ɗaya, a juya mariƙin baya. Yawancin yara za su zana bakin kofin a matsayin cikakkiyar da'ira, gindinsa kuma miƙaƙƙen layi, saboda sun san bakin zagayayye ne kuma kofin yana zaune a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Maimakon a ce masa bai yi daidai ba, sai a ce ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna faɗin bakin kofin daga hagu zuwa dama ta hanyar sa babban yatsa a jikin fensirin, sannan ya auna shi daga gaba zuwa baya. Da kansa zai ga cewa awo na biyu bai kai na farko ba, wato daga inda yake zaune bakin matsattsiyar da'ira ce, kuma layin gindin ma lanƙwasasshe ne. Idan ya miƙe tsaye ya sake aunawa, zai ga da'irar ta buɗe, idan ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da bakin, zai ga ta koma layi guda. Bayan nan sai inuwa, a mataki uku kawai: a bar gefen da haske yake bugawa fari, tsakiya a shafa shi da HB ba tare da dannawa ba, gefen da ya ba taga baya da inuwar da ta kwanta a kan teburi kuma a sa musu 6B. Minti 15 zuwa 20 sun isa zama ɗaya, gobe kuma a sauya kofin da buta ko takalmi ko albasa.

Kuskuren da manya suka fi yi shi ne su karɓe fensirin su gyara zanen a kan takardar yaron, abin da yake koya masa cewa idan aiki ya yi wuya wani ake miƙa wa. Mai son nuna misali ya yi a tasa takardar. Haka kuma bai kamata kowane zane ya zama darasi ba, domin motoci da jirage da 'yan ƙwallon da yaro yake zanawa daga kansa su ne suke riƙe masa sha'awar, kuma nasu ne kaso mafi girma na rim ɗin. Yana da kyau a rubuta kwanan wata a bayan kowane falle a tara su a babban ambulan, saboda idan aka jera kofin watan farko da na wata na uku, yaron zai ga bambancin da idonsa ba sai an faɗa masa ba.

Idan an ga rim ɗin ya kusa ƙarewa, a nan ne ƙarin kashe kuɗi ya dace, kuma fensiran launi 12 masu kamawa da kyau, tare da littafin zane mai takarda mai kauri, sun fi akwati mai kaya 100 da rabinsu ba sa aiki.