Gwanintar raba arha da tarko a kasuwar hannun jari

Duk wanda ya san harkar fili a Minna ya san masu saye iri biyu ne. Wani zai sayi fili da tsada a Gidan Kwano, don ya hango jami'a za ta jawo jama'a. Wani kuma tsohon gida yake nema a Tunga, wanda aka yi wa farashin wulaƙanci alhali kuɗin haya na shigowa. Haka masu hannun jari suke: na farko bunƙasar gobe yake saye, na biyu darajar da kasuwa ta raina yau.

Akwai dattawa a garin nan, yawancinsu tsofaffin ma'aikata, da iya lissafinsu ke burge ni. Ba sa bin jita-jita. Sai su ɗauki farashin hannun jari ɗaya su raba shi da ribar da ya samar a shekara. A ƙarshen 2023 hannun jarin bankin Zenith bai kai naira 40 ba, ribar kowane ɗaya kuwa ta haura naira 21. Ke nan ribar shekara biyu ta biya kuɗin saye. A ƙarshen 2022 kuwa, mai sayen MTN yana biyan kusan ribar shekara 12, don ya yi imani cinikin data zai ci gaba da hauhawa.

Yanayin kasuwa ne ke raba gardama. Da aka saki naira a Yunin 2023, kuma Babban Banki ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 a 2024, ribar da ake jira nan gaba ta rage armashi, tunda a lokacin takardun bashin gwamnati na biyan sama da kashi 20. MTN, mai ɗawainiyar biyan dala, ya tafka asara shekara biyu a jere. Bankuna masu ajiyar dala kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Da naira ta ɗan natsu a 2025, MTN ya koma cin riba, farashinsa ya ninka, wanda ya yi haƙuri ya dara.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne gane arhar da ba ta ado. Hannun jarin bankin Skye ya yi arha tuɓus kafin a ƙwace lasisinsa a 2018, masu shi suka tashi a tutar babu. Shi ya sa gwani ke bin rahoton shekara layi-layi: bashin da ba a biya ba yana ƙaruwa? An daina raba riba? An jinkirta fitar da rahoton? Ribar daga ciniki ta fito, ko daga faɗuwar naira da ba lallai ta maimaitu ba? Masu gudun kuɗin ruwa suna yin wannan awon a kan bankin Jaiz da kamfanonin siminti.