Jinjina ga Matan da Ke Haɗa Kuɗin Buhu

A unguwarmu a Kano akwai mata biyar da nake girmamawa ƙwarai. Duk shekara suna yin adashi, su haƙura har kaka ta shigo, sabon hatsi ya cika kasuwar Dawanau, farashi ya sauko. Sannan su tura Inna, wadda ta fi su sanin hatsi, ta sayo buhunan gero da wake.

Inna ba ta yarda da saman buhu. Sai an soka mata tsakiya da gindi, ta murza ƙwaya a tafin hannu, ta ɗauki wake ɗaya ta ciza. In ya fashe ƙaras, ya bushe. In haƙori ya nutse, da sauran danshi, zai yi fumfuna a ajiya. Ƙananan huda a jikinsa kuwa, ƙwari sun riga ta. Tana lissafa kuɗin dako da na mota kafin ta ce an yi araha.

A tsakar gida ake rabo, tiya-tiya, kowa tana kallo. Waken sai a zuba a jarka mai tsabta, a toshe bakin kada iska ta shiga.

Idan damina ta tsaya, hatsi ya yi tsada, gidajen nan biyar ba sa zuwa awo. Allah ya saka muku da alheri, iyayenmu.