"Kowa da al'adarsa": ina maganar nan ta tsaya?

A wani zaman sulhu da muka halarta kwanakin baya nan Obi, wani matashi mai ilimin boko ya yi jawabin da ya sha tafi. Ya ce rigimar ƙasar nan za ta ƙare ne ranar da kowa ya yarda cewa babu wani abu mai suna daidai ko kuskure da ya hau kan kowa. Alago da nasa, Tibi da nasa, Eggon da Migili da Fulani da Hausawa kowa da nasa, kada wani ya auna wani. Mu ma mun tafa, don yaron da kyakkyawar niyya ya yi magana. Sai da muka dawo rumfa muka juya zancen, muka ga ashe da rami a cikinsa, kuma mu mazauna unguwar Hausawa mu ne za mu fara faɗawa.

Mu fara ba shi haƙƙinsa. Maƙwabtanmu Kiristoci sukan ajiye gawa a asibiti makonni har dangi su taru, mu kuwa wanda ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Su suna ganin gaggawarmu kamar ba mu damu da mamacin ba, yaranmu kuma suna ganin jinkirinsu wulaƙanta gawa ne. Alhali duk ɓangarorin biyu girmama mamaci suke nufi, hanya ce ta bambanta. Haka gaisuwa, haka kayan aure. Malamanmu na Malikiyya ma ba su yi watsi da al'ada ba. Imam Al-Ƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 1285, ya yi bayani cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana canjawa idan al'adar ta canja, kuma idan baƙo ya zo da tambaya, mai fatawa ya fara binciken al'adar garinsu kafin ya amsa. To, ɗalibin da ya karanta littafi biyu ya fito yana kafirta duk abin da bai saba gani a gidansu ba, shi ma ya kauce.

Amma ku zo mu shiga kasuwa, inda muka fi sani. A kakar riɗi da ta wuce, wata mata 'yar Tibi ta kawo buhu. Tun a gida ta auna da mudun da kowa ya sani, mudu 40 cif. Wani ɗan'uwanmu mai saye, ba za mu kama suna ba, ya auna da nasa ya ce 36 ne. Mudunsa na saye an bubbuge gindinsa ya yi zurfi, yana kuma da wani daban na sayarwa. Mudu huɗu sun tafi ke nan, ɗaya cikin goma na wahalar damina guda. Da ta ta da murya aka kira mu, amsar da ya ba mu ita ce: "Malam, ai haka kasuwa take, kowa haka yake yi."

Ga al'ada nan an kawo ta a matsayin hujja. Idan maganar matashin nan gaskiya ce, ba mu da bakin cewa komai: masu saye suna da tasu al'ada, matar tana da tata. Amma duk wanda ya tsaya a wurin, da mai salla da mai zuwa coci da mai bin addinin gargajiya, babu wanda ya ce "al'adarsu ce". Kowa cewa ya yi an cuce ta. Shi kansa mai sayen, da muka tambaye shi ko zai yarda dillalin Lafiya ya auna masa da wannan mudun, sai ya sunkuyar da kai.

Ku kwatanta da gyara. Ita ma al'adar kasuwa ce, mai saye yana karɓar abin da ya fi wanda ya biya. Me ya sa ba wanda ke kiranta sata? Domin a fili ake yin ta, mai kaya ya san da ita, da hannunsa yake ƙarawa, in ya ga dama ya hana. Mudu biyu kuwa sai an ɓoye ɗaya a ƙarƙashin buhu. Mu a nan muke gane bambancin: al'adar da za ka iya faɗa wa wanda ta shafa a gaban idonsa, kuma ka yarda a yi maka ita, wannan al'ada ce. Wadda sai a ɓoye take tafiya, zalunci ne ya ara riga. Sura guda aka saukar a kan masu tauye awo, amma matar nan ba ta taɓa jin Suratul Muɗaffifina ba, ta kuma san an tauye ta. Manzon Allah (SAW) tun kafin annabci ya halarci Hilful Fudul a Makka, yarjejeniyar da Ƙuraishawa suka ƙulla bayan an hana wani baƙon ɗan kasuwa kuɗin kayansa, kuma bayan annabci ya yaba mata. Mutanen da suka ƙulla ta ba Musulmi ba ne.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Wasunmu kakanninsu aka haifa a nan, amma har gobe idan maganar fili ko takardar ɗan ƙasa ta taso, "baƙi" ake ce mana. Da me muke kare kanmu? Cewa muke yi ba adalci ba ne, muna kafa hujja da tsarin mulkin 1999 da ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama da mallakar fili ko'ina. Wato muna kiran ma'aunin da ya hau kan kowa. Ran da muka amince cewa kowa da gaskiyarsa, mai gari zai ce a gaskiyarsa ƙasa ta 'yan ƙasa ce, shi ke nan an rufe bakinmu da hannunmu. Wanda ba shi da yawa ba shi da ƙarfi, shi ya fi kowa buƙatar mudu ɗaya.

Kuma mun ga abin da ke faruwa idan aka rasa shi. A Yunin 2001, bayan kashe Sarkin Azara, aka ɗora laifin a kan Tibi gaba ɗaya, dubbai suka tsere Binuwai, har da waɗanda ba su taɓa taka Azara ba. A Satumban 2013 rikicin Ombatse ya ci gidaje a Obi da Assakio. Kowane karo, masu ramuwa suna da dalilin da ya gamsar da su a cikin gidansu. Amma babu ƙabilar da, idan ita aka kora saboda laifin mutum ɗaya, za ta ce to ai al'adarsu ce.

Akwai wurin da muke shan wahala, gara mu faɗa. Burkutu da naman alade, mun yi imani haramun ne, ba mu ɗauke su abin ra'ayi ba. Amma maƙwabcinmu da ke dafa burkutu a gidansa bai ɗauki haƙƙin kowa ba, ba kuma za mu iya nuna masa laifinsa da hujjar da ya riga ya yarda da ita ba, kamar yadda muka nuna wa mai mudu. Nan iyakarmu nasiha da hana 'ya'yanmu. Su ma suna da abin da suke gani a kanmu. Wani dattijon Alago ya taɓa tambayarmu yadda muke barin yaro ɗan shekara bakwai yana yawo da roba ba takalmi da sunan karatu. Har "al'adarmu ce" ta zo bakinmu, sai muka tuna mudun nan, muka haɗiye. Ɗan wane a cikinmu masu rumfa ke bara?

Mai sayen riɗin dai ya biya matar kuɗin mudu huɗun a gabanmu. Mudun nasa yana nan a rumfarmu, mun ce ba za mu mayar ba sai shugabannin 'yan hatsi sun zauna sun duba na kowa, har da namu.