Ƙofa Biyu Maimakon Ɗaya: Nazari kan Fitilar da ke Kunna Kanta da Magariba

A cikin ƙananan ayyukan da masu gyaran lantarki da ɗaliban fanni, irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, kan fara gwada hannu da su akwai fitilar ƙofar gida mai kunna kanta idan duhu ya shigo. Haɗinta ba wuya, amma tana da cuta sananniya: da magariba sai rile ya kama kaɗawa, ƙat-ƙat-ƙat, ƙwan yana ƙyaftawa, kafin ya tsaya. Laifin ba na rile ba ne, na yadda ake yanke hukunci ne a cikin da'irar.

Idon fitilar shi ne LDR, wanda turjiyarsa ke ƙaruwa yayin da haske ke raguwa. Idan aka jera shi sama da rasista a kan batirin bolt 12, ƙarfin wutar da ke mahaɗarsu yana sauka sannu a hankali da yamma. Ana kai wannan wuta ƙafar (−) ta kwamfareta, misali LM393. A ƙafar (+) kuma ana kafa ma'auni na bolt 6 da rasista biyu masu kilo-om 10 kowanne. Aikin kwamfareta ɗaya ne: ta duba wace ƙafa ce ta fi, ta kunna ko ta kashe.

Matsalar ita ce magariba ba ta faɗowa lokaci guda, musamman a hazon hunturu. A ce wutar na sauka bolt 1 cikin minti biyar, kuma akwai rawar bolt 0.1 a kanta daga caja ko janareta. Ke nan za ta shafe kusan daƙiƙa 30 a bakin bolt 6, rawar tana tsallaka da ita sama da ƙasa sau da yawa a kowace daƙiƙa. Kwamfareta ba ta yi ƙarya ba, kowane tsallake gaskiya ne. Amma bakin rile ne ke ƙonewa.

Maganin ya girmi transista. Otto Schmitt, Ba'amurke, ya ƙirƙiro shi a 1934 yana ɗalibi mai binciken yadda saƙo ke bin jijiya, ya wallafa shi a 1938. Dabarar, wadda ake kira histaresis, ita ce a mayar da ɗan abin da ya fito zuwa ƙafar (+), domin ma'aunin ya matsa da kansa duk lokacin da aka yanke hukunci.

A da'irarmu rasista ɗaya ya isa, mai kilo-om 100, daga mafita zuwa ƙafar (+). Da rana mafita tana sifili, don haka tana jan ma'aunin ƙasa zuwa wajen bolt 5.7. Da yamma, daidai lokacin da wutar LDR ta faɗa ƙasa da 5.7, mafita ta tashi, fitila ta kama, ma'aunin ya yi tsalle zuwa wajen 6.3. Yanzu kafin fitilar ta mutu sai wutar ta hau kusan bolt 0.6, abin da rawar 0.1 ba za ta iya ba. Sai gari ya waye sosai, rana ta leƙo ta bayan duwatsun Mandara, sannan a haye ƙofar sama ta 6.3. A tuna LM393 ba ta tura wuta sama da kanta. Sai an ɗaure mafitarta da rasista zuwa bolt 12, kuma ƙofar sama kan ɗan gaza lissafi saboda haka.

Gwaninta tana wajen zaɓen tazarar. Dole ta fi rawar faɗi, amma idan ta yi yawa fitila za ta ci batir har hantsi. Ƙara girman rasistan nan mai kilo-om 100 yana tsuke tazarar, rage shi yana buɗa ta.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin histaresis. Fitilar babur da ta haska LDR ba rawa ba ce, haske ne na gaske; maganinta kafasita da zai jinkirta hukunci na 'yan daƙiƙu. Idan kuwa ƙwan yana haska idonsa da kansa, zai riƙa kamawa yana mutuwa a jere, kuma sai an juya LDR ko an yi masa rumfa.

Gwajin ba ya buƙatar komai sai mita. Ɗora ta a ƙafar (+), ka rufe LDR da yatsa a hankali. Idan lambar ta yi tsalle daga 5.7 zuwa wajen 6.3, aiki ya yi. Idan ta tsaya cik a 6, duba rasistan mai kilo-om 100: ko ya tsinke, ko an liƙa shi a ƙafar (−).