Taƙaita Bayanin Haja: Nazari a Kan Tallar Atamfa a Rubuce

Bayanin haja shi ne rubutun da ɗan kasuwa ke haɗawa da hoton kayansa domin ya tsaya a madadin ido da hannun mai saye, wanda ba ya kusa balle ya taɓa ya murza. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da sanin irin wannan ciniki, domin sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, da sharaɗin cewa idan kaya suka zo ba yadda aka siffanta su ba, mai saye yana da zaɓin fasawa. Daga nan ake gane cewa siffa ita ce ainihin abin da aka ƙulla ciniki a kansa, kuma ita ce ma'aunin abin da za a bari idan aka tashi rage rubutu.

Abin da ke kumbura bayanin haja a hannun 'yan kasuwar Hausa gado ne daga tallar baka, inda kirari ke da aikin tsayar da mai wucewa. A rubuce kuwa hoto ya riga ya yi wannan aiki, don haka kirarin sai ya zama nauyi kawai. A ɗauki misalin mai atamfa a Kantin Kwari da ke Kano wanda ya rubuta kalmomi 120 a kan turmi ɗaya. Idan aka rarraba su, yawanci za a tarar sallama da godiya ga abokan ciniki sun ci kusan kalma ashirin, yabo irin su "ta kece raini" da "sai wane da wane" ya ci wajen arba'in, sannan an sake faɗin launi da zane waɗanda ido ke gani a hoto. Waɗannan su kaɗai sun kai rabin rubutun, wanda shi ne ake son zubarwa, ba tare da an taɓa ko siffa ɗaya ba.

Abin da ba a taɓawa shi ne duk abin da hoto ba zai iya nunawa ba, kuma zai iya sa a dawo da kaya. Na farko shi ne awo: turmi yadi shida ne, wato kusan mita biyar da rabi, kuma ya kamata a rubuta adadin a fili saboda wasu masu saye a Nijar da Kamaru kan yi lissafi da mita ko da zane uku, ga kuma masu sayar da rabin turmi da hoton cikakke. Sai asalin zare, ko auduga ce zalla ko an gauraya ta da roba, domin wannan ne ke nuna yadda za ta yi a jiki lokacin zafi. Sai halinta a ruwa, wato ko tana zuba, ko tana shiga bayan wankin farko, abin da tela ke bukatar sani kafin ya sa almakashi. Daga nan sai farashin ɗaiɗai da na sari, da wanda zai biya kuɗin mota, da sharaɗin mayarwa. Jimla guda kamar "Auduga zalla, yadi shida, ba ta zuba, tana ɗan shiga a wankin farko" ta ɗauke abin da sakin layi biyu na yabo suka kasa ɗauka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke rubutu daga ƙasa, alhali kuwa al'adar masu talla ita ce su fara da kirari su ajiye awo da sharuɗɗa a ƙarshe, sai a wayi gari an zubar da tsaba an riƙe ƙaiƙayi. Wanda ya fi shi muni shi ne fakewa da taƙaitawa a share aibi, kamar a cire kalmar da ke nuna cewa atamfar kwaikwayon Holan ce ba ta kamfanin Vlisco ba, wanda wannan ya tashi daga gyaran rubutu ya koma algus.

Ana gane an yi yankan da ya wuce kima ta hanyar tambayoyin da ke biyo baya. Idan mutum uku suka aiko suna tambayar yadi nawa ne, ko tana zuba, to an cire abin da bai kamata ba, kuma sai a mayar da shi ko da adadin kalmomi zai haura sittin. Rabi dai ƙiyasi ne da ya dace da rubutun da kirari ya cika; bayanin da tun farko awo ne da sharuɗɗa, kamar na batirin sola ko injin markaɗe, ba ya jure irin wannan ragi, kuma barinsa da tsawonsa ya fi.