Layi ɗaya a bakin Komadugu

Matasan da ke shirya gajeren fim a Diffa sun ɗauki wata ɗabi'a da ba na goyon baya: a ƙirga shafukan labari, a ce shafi ɗaya minti ɗaya ne, sai a yanka kuɗi. Shafi yana faɗin tsawon fim, amma kuɗi kwanakin ɗauka da wuraren ɗauka yake bi.

A ce labarinka shafi 12 ne. Tara daga ciki hira ce a tsakar gida cikin gari, tsakanin Falmata da mahaifiyarta. Idan 'yan wasa sun haddace zancensu, kwana biyu sun isa, da mutum biyar: darakta, mai kyamara, mai ɗaukar sauti, mai haske, da mai lura kada ɗankwali ya sauya launi tsakanin fitowa da fitowa.

Sai ka iso layin da ya ce: "Falmata ta bar gonar tattasai, ta shiga kwalekwale." A takarda bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na shafi ba, amma ka ja layi ƙarƙashin kowace kalma ka gani. Gona tana nufin hayar mota da direba, da yardar mai gona. Injin ban ruwa zai cinye muryar 'yan wasa, dole a roƙi manomi ya kashe shi, a kuma biya shi ɓata lokacinsa. Kwalekwale biyu ake bukata in ana son ganin fuskarta a kan ruwa, domin mai kyamara ma sai ya hau nasa. Kogin kuma iyaka ne da Najeriya, kuma tun hare-haren Fabrairun 2015 ba a sauka bakinsa da kyamara sai da sanin hukuma da jami'an tsaro. Wannan aikin mutum guda ne sukutum, wanda ya san gari, yana kuma jin Barbarci. Ga shi Komadugu ba ya riƙe ruwa duk shekara: wanda ya sa ranar ɗauka a watan Mayu, yashi zai tarar.

Layin nan da sauran fitowar gona za su ci kwana biyu. Ma'aikata sun zama bakwai, da 'yan wasa huɗu, baki 11 ke nan. In an ƙiyasta abinci da ruwa jaka biyu ga kowa a yini, kwana biyun nan kaɗai sefa 44,000 ne, ba a taɓa mai da hayar mota ba.

Saboda haka nake cewa a fara da jera fitowa bisa wuri, a fitar da kwanaki, sannan a zo kan kuɗi, a ɗora kashi goma cikin ɗari saboda ranar da ƙurar hunturu ta rufe rana. In jimillar ta fi ƙarfin aljihu, kada a sallami mai sauti, wanda shi aka fi saurin yankewa. A koma ga marubuci, a tambaye shi ko Falmata za ta iya tsayawa a gaɓa.